Kalma ɗaya, shafi ɗaya: abin da shagon yadi ya koya mini game da take da bayanin shafuka

Ina kula da shagon intanet na wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari mai sayar da shadda, atamfa, leshi da yadin maza. A kan manhajar WordPress aka gina shagon, da WooCommerce mai tafiyar da ciniki, da Yoast mai tsara take da bayanin shafuka. Babban abin da aikin ya koya mini shi ne, kafin ka rubuta taken kowane shafi, ka fara yanke hukunci a kan wane shafi ne ke da haƙƙin wace kalmar bincike. Idan ba a yi wannan rabon ba, kyawun rubutu ba zai hana shafukan shago ɗaya su yi ta tuntuɓe da juna a gaban Google ba.

Ga yadda matsalar take tasowa. WooCommerce yana haifar da shafuka iri uku ba tare da ka roƙa ba. Akwai shafin kaya guda, wanda adireshinsa ke farawa da `/product/`. Akwai shafin rukuni, `/product-category/`. Sai shafin tag, `/product-tag/`, wanda ke fitowa da kansa duk lokacin da mai ɗora kaya ya rubuta sabuwar kalma a akwatin `Tags`. A shagon da nake magana, farar shadda kaɗai tana da shafuka huɗu masu kiran suna ɗaya: ƙaramin rukuni mai suna farar shadda, tag ɗin `white shadda`, wani tag ɗin `farar shadda`, da kuma wani kaya guda da aka raɗa wa suna `White Shadda` kawai, babu kamfani, babu yawan yadi. Kamar yaran shago huɗu ne suka tare mai saye ɗaya a bakin layi, kowa na jan hannun rigarsa, alhali duk ubangidansu ɗaya.

Mutane kan ce Google na hukunta irin wannan. Ba hukunci ba ne. Abin da ke faruwa shi ne Google ne zai zaɓa maka, kuma zaɓinsa ba lallai ya dace da cinikinka ba. Tun shekarar 2019 ya sanar cewa a galibin bincike ba zai riƙa nuna fiye da shafuka biyu daga gida ɗaya a sahun farko ba. To idan gurbin ya faɗa hannun tag mai kaya uku, ko hannun wata shadda da ta ƙare tun kafin azumi, wanda ya latsa ya shigo ya tarar da kanta babu kaya, ya juya. Wannan ce asarar, kuma tana da ciwo, don mutumin da kuɗinsa ya zo.

Gane matsalar ba ya buƙatar manhajar kuɗi. Ka buɗe Search Console, manhajar Google ta kyauta mai nuna yadda shafukanka ke fitowa a bincike, ka shiga `Performance`, ka tace da `Query` ɗaya, misali `white shadda`, sannan ka latsa `Pages`. Idan shafi ɗaya ne ya kwashe kusan duk fitowar, lafiya lau. Idan kuwa shafuka uku ko huɗu ne suka rarraba ta, kuma da ka kwatanta wata da wata sai ka ga wannan ya hau wancan ya sauka, to ka kama ɓarawon. Search Console na ajiye bayanan wata 16, wanda ya isa ka ga sallar bana da ta bara. Sai dai a yi hattara: ganin shafuka biyu ba kullum ne cuta ba. Idan rukuni da kaya guda duk sun fito a sahun farko, kowa da masu latsa shi, kada ka taɓa su.

Rabon da na tsaya a kai ya samo asali ne daga yanayin sana'ar kanta. A harkar yadi, zane yana ƙarewa. Atamfar da ake rububi yau, in dilar ta ƙare, wataƙila ba za a sake kawo irinta ba. Rukuni kuwa yana nan daram, kaya ne kawai ke shiga suna fita. Saboda haka duk kalmar da mai lalube ke rubutawa, wanda bai riga ya zaɓi zane ba, ta rukuni ce: shadda, farar shadda, farashin atamfa, leshin biki. Kalmar wanda ya san abin da yake so, da sunan kamfani da launi da lambar zane da yawan yadi, ita ce ta shafin kaya. Mai lalube yana son ya ga jeri ya zaɓa. Wanda ya sani yana son farashi da maɓallin saye.

Ga yadda farar shaddar ta koma bayan rabo. Yawancin masu bincike da Turanci suke rubutawa ko su gauraya, don haka taken ya bi bakinsu:

```
Rukuni: White Shadda (Farar Shadda) in Kano | Sunan Shago
Kaya:   Getzner Shadda, White, 5 Yards, Design 214 | Sunan Shago
```

Lambar zanen misali ce kawai. Abin lura shi ne kalmar shadda tana cikin duka biyun, kuma babu laifi a hakan. Ba kalmar ake rabawa ba, niyyar mai bincike ake rabawa. Taken rukuni ya fara da sunan gama-gari da gari. Taken kaya ya fara da abin da babu wani shafi a shagon da ke da shi. Ina ƙoƙarin kada take ya wuce haruffa 60, domin wajen nan ne Google ke yanke shi a allo, shi ya sa abin da ya bambanta shafi dole ya zo gaba, sunan shago ya koma ƙarshe.

Wani ƙaramin abu da ake mantawa: samfurin da Yoast ke zuwa da shi na rukunin kaya yana ɗauke da kalmar `Archives`. Sai ka ga shago mai rai yana fitowa da take kamar ɗakin ajiyar tsofaffin takardu. Na cire ta, na bar wannan:

```
%%term_title%% %%page%% %%sep%% %%sitename%%
```

Wannan `%%page%%` ɗin yana da aiki. Shi ne ke sa shafi na biyu da na uku na rukuni su sami take dabam da na farko, kada su ma su shiga gasar.

Bayanin da ke ƙarƙashin take, wato `meta description`, ba ya ɗaga matsayin shafi, kuma Google kan sauya shi da wani yanki na rubutun shafin idan ya ga dama. Duk da haka da hannu nake rubuta na manyan rukunai, cikin haruffa 155 ko ƙasa, don shi ne ke gaya wa mutum abin da zai tarar. Na rukuni yana maganar zaɓi: akwai yadi 5 da yadi 10, akwai kamfanoni daban-daban, ana aikawa daga Kano zuwa sauran jihohi. Ba na sa farashin kaya guda a ciki, domin farashi a Kwari ba ya zama wuri ɗaya, kuma bayanin da ya yi ƙarya ya fi rashin bayani muni. Na kaya shi ke ɗaukar launi, laushi, tsayi da lambar zane.

Tag ne ya fi cin lokaci. Yaran da ke ɗora kaya sun saba da Instagram, suna zuba tag kamar yadda suke zuba hashtag, kowane kaya da goma, kuma kowane ɗaya shafi ne sabo. Na zauna na karanta su ɗaya bayan ɗaya ina yi wa kowane tambaya biyu: shin mutane na neman wannan kalmar, kuma shin akwai rukunin da ya riga ya mallake ta? Wanda ya yi daidai da rukuni, irin `white shadda`, na goge shi na tura adireshinsa zuwa rukunin da turawa ta dindindin, wato `301`. Wanda ke taimaka wa mai yawo a cikin shago amma ba a nemansa a waje, irin `new arrival`, na bar shi na rufe shi daga bincike:

```html
<meta name="robots" content="noindex, follow">
```

A Yoast maɓalli ɗaya ne ke yi wa duk tag ɗin kaya wannan, ya kuma cire su daga `sitemap`, wato jerin adireshin shafuka da ake miƙa wa Google. Kuskuren da na sha gani a shagunan abokan aiki shi ne su ƙara toshe `/product-tag/` a `robots.txt`, fayil ɗin da ke gaya wa Google inda ba zai shiga ba, don a tabbata. Wannan yana warware aikin ne, domin shafin da aka hana Google shiga ba zai karanta `noindex` ɗin da ke cikinsa ba, sai adireshin ya ci gaba da zama a bincike. Haka ma `canonical`, alamar da ke nuna wane adireshi ne na asali: shawara ce kake ba Google, ba umarni ba, kuma idan kayan da ke shafukan biyu ba su yi kama sosai ba yana iya watsar da ita. An yi shi ne don shafi ɗaya mai adireshi da yawa, kamar rukunin da aka jera da `?orderby=price`.

A nan muka ɗan ja da maigidan. Ya ce, "Malam, yaya za ka rufe ƙofofi kana cewa ciniki zai ƙaru?" Na ce, "Ranka ya daɗe, akwai waɗanda ba zan rufe ba, girma zan ba su." Na nuna masa tag ɗin kayan lefe. Wannan kalma ba ta da rukuni, domin lefe ya haɗa atamfa da leshi da shadda da mayafi, kuma babu kaya guda da zai iya amsa ta. Ba ta gasa da kowa. Na mayar da ita cikakken rukuni, da takenta, da bayaninta, da ɗan rubutu a sama kan yadda ake haɗa turmi da kala. Kayan sallah ma haka, da sharaɗi ɗaya: adireshi ɗaya ne kowace shekara, babu shekara a cikinsa. In ana son shekara, a take ake sauya ta. Idan aka buɗe sabon shafi kowace sallah, na bara da na bana ne za su koma suna kokawa.

Saura linkin cikin gida, wanda in aka bar shi yana iya rusa duk abin da take ya gyara. Idan rukuni ne mai kalmar farar shadda, to duk inda aka rubuta farar shadda aka sa linki, a menu ne ko a bayanin wani kaya, rukunin zai nufa. Google na karanta rubutun linki, har yakan ɗauko take daga cikinsa ko daga babban kan shafi idan bai gamsu da naka ba. Shi ya sa kan shafin, wato `h1`, da take suke faɗin abu ɗaya a wurina.

Iyakar wannan tsari ita ce ba ya aiki nan take. Sai Google ya sake zagayowa ya karanta shafukan, kuma tag marasa baƙi su ne yake daɗewa bai leƙa ba, don haka a ba shi makonni kafin a koma `Pages` a duba. Sannan ba ya tsayuwa da kansa. Yanzu akwai takarda ɗaya da yaran shago ke dubawa kafin su ɗora kaya, mai layi uku: kalma, shafin da ya mallake ta, da tag ɗin da aka yarda a yi amfani da su. Duk sabon kaya sai sunansa ya ƙunshi kamfani, launi, yadi da lambar zane kafin a latsa `Publish`, kuma sabon tag sai an tambaye ni.