Tankin masai ya daina zuba, ashe yashi ne

Alhamdu lillahi, 'yan'uwa masu koyon gyaran famfo, yau tankin masai na gidanmu a nan Gombe ya yi shiru. Abin ya ci mini rai, domin ruwan burtsatse muke turawa da janareta zuwa tankin sama, ga tsadar mai, sai a wayi gari tankin sama ya yi ƙasa ba wanda ya yi wanka.

Na fara da rufe famfon da ke kai wa tankin masai ruwa, na ja layi da fensir daidai bakin ruwan. Bayan awa ɗaya ruwan na nan a kan layi. Ke nan robar gindi, wadda ke sakin ruwa idan an ja, lafiyarta lau. Da ya sauka, da ita ce mai laifi. Na buɗe famfon, sai ga ruwa ya haura har yana malala ta bututun rarar ruwa zuwa cikin masai. Bawul mai ƙwallo, wanda ke tsayar da shigowar ruwa idan tankin masai ya cika, shi ne ba ya rufewa.

Na girgiza ƙwallon, babu ruwa a ciki, bai huje ba. Na juya sukurun da ke kan hannun ƙwallon har ruwa ya tsaya kamar inci ɗaya ƙasa da bakin bututun rara. Na ce an gama.

Ina! Da yamma da aka cika tankin sama, sai sautin ya dawo, siriri, sssss. Na ƙara sauke ƙwallon, ruwan da ke taruwa ya kasa wanke masai, zubar kuma ba ta daina ba. Abin da ya warware mini shi ne ɗaga hannun ƙwallon da yatsa har ƙarshe. Idan ruwa ya ɗauke, saiti ne kawai. Nawa ya ci gaba da ɗiga. To idan haka ta faru da ku, ku bar sukurun nan ya huta, ciwon na cikin bawul.

Na rufe ruwa, na kwance murfin bawul ɗin. Ƙwayoyin yashi ne maƙale a bakin ɗan ramin da ruwa ke fitowa, robar da ke toshe shi kuma ta taurare, yashin ya yi mata zobe. Idan tankin sama ya cika, ƙarfin ruwa ya ƙaru, sai ya bi ta wannan zoben.

Robar kaɗai ban samu irinta a kasuwa ba, dole na sayi bawul ɗin gaba ɗaya, kuɗin kuwa sai da na ji shi a jikina. Ku tafi da tsohon a hannu, don akwai mai shiga ta gefe, akwai mai shiga ta ƙasa, duk da yawanci bakinsu rabin inci ne. Kafin na ɗaura sabon na saki ruwa cikin bokiti, yashin da ke bututu ya fita. Notin roba ne, da hannu na ɗaure, na ɗan ƙara da sifana, don matsi da yawa na fasa shi.

Saura matatar ruwa a bututun da ke saukowa daga tankin sama. Wanda ya taɓa sa ta, tana rage ƙarfin ruwa sosai?