Bangon da ke tsakanin ɗanye da gasasshe

Sana'ata gasa zabi da kaji, a Kumasi, wajen Asokore Mampong. Zabin daga arewa ake kawo mana su, Tamale da Bolga. Mu yanka, mu fige, mu shafa yaji, mu gasa, mu sanyaya, mu rufe a leda da injin zuƙe iska, sannan mu kai manyan kantuna da otal-otal. Mai tsire a bakin titin Aboabo daga wuta yake miƙa maka nama, ka ci da zafinsa. Namu kuwa sai ya yi kwanaki a firij, kuma da yawa cikin masu saye yage ledar kawai suke yi su ci. Tsarin ginin masana'antata gaba ɗaya daga wannan bambancin ya fito.

Ɗanyar kaza ba ta rabuwa da ƙwayoyin cuta irin su Salmonela, komai kyan gonar da ta fito. Wannan bai dame ni ba, don wuta na jiranta. Muna soka ma'aunin zafi mai tsinke a cikin tsokar cinya, sai ya nuna digiri 75 kafin a sauke. Abin da ke hana ni barci shi ne bayan an sauke. Duk abin da ya hau naman daga bakin tanderu zuwa rufe leda, da shi zai tafi har bakin mai ci, babu wata wuta ta biyu a gaba. Mafi wuyar sha'ani ita ce ƙwayar cutar da ake kira Listeriya. Tana son wuri mai laima, irin magudanar ruwa, tsagar tayil da tayar keken tura kaya. Tana hayayyafa a cikin sanyin firij, kuma zuƙe iska daga leda ba ya hana ta. A Afirka ta Kudu, tsakanin 2017 da 2018, ta kama mutum sama da 1,000, ta kashe sama da 200, jarirai da yawa a cikinsu. Da aka bi diddigi, sai aka tarar daga dafaffen naman leda ne na wata masana'anta a Polokwane.

To shi ya sa ginin nawa ya zama layi ɗaya, kaya ba sa komawa baya. Ɗanyen nama ta ƙofar baya yake shiga, gasasshe ta ƙofar gaba yake fita. A tsakiya akwai bango har rufi, kuma tanderun a jikin bangon aka dasa shi, da ƙofa biyu: ana loda shi ta ɗakin ɗanye, ana kwashewa ta ɗakin gasasshe. Ba a buɗe ƙofofin biyu lokaci ɗaya. Ma'aikacin ɗakin gasasshe ƙofarsa daban. Zai zauna a kan benci, ya cire takalmin waje, ya juya ƙafafunsa zuwa ɗaya gefen ya sa farin takalmin roba, ya wanke hannu a famfon da ake takawa da ƙafa, sannan ya sa farar riga. Kayan ɗakin ɗanye ja ne, daga wuƙa har tsintsiya. Ko daga bakin ƙofa mutum ya hango jan bokiti a ɗakin fari, ya san an yi ɓarna.

Jami'an Hukumar Abinci da Magunguna, waɗanda muke kira 'yan FDA, da dokar lafiyar jama'a ta 2012, mai lamba 851, suke aiki, kuma sai sun duba wurinka kafin su ba shi lasisi. Manyan kantuna ma suna turo nasu masu binciken. Sabon shiga yakan ɗauka fenti da tayil za a duba. Ana dubawa, amma a gurguje. Abin da mai bincike zai fara nema shi ne zanen ginin, da kibiyoyi masu nuna hanyar nama, ta ma'aikata, ta shara da ta ruwa. Daga nan sai ya ɗauki zanen ya bi kibiyoyin da ƙafarsa. Ina ake wanke farantan gashi? Wa ke mayar da su ɗakin ɗanye, kuma ta wace ƙofa? In injin rufe leda ya lalace, makaniki da wane takalmi yake shiga? Kwalayen da suka zo daga kasuwa a ina ake ajiye su? Wani ma zai zuba ruwa a ƙasa ya tsaya ya ga inda zai gangara.

Dalilin naci a kan waɗannan tambayoyi ba ɓoyayye ba ne. Mai bincike wuni ɗaya zai yi da kai, kuma ya san an share an goge saboda zuwansa. Sakamakon ɗakin gwaji ma na ledar da aka gwada ne kawai. Amma bango da ƙofa da gangaren daɓe ba a gyara su da daddare. Su ne ke gaya masa abin da ma'aikaci zai yi ranar jajibirin Sallah, oda ta yi yawa, maigida ba ya nan. In hanyar da ta fi kusa zuwa firij ta ratsa ta ɗakin ɗanye, to ta nan za a bi, ko takarda nawa aka manna a bango.

Wani ƙanena a sana'a ya kama shago a Asawase, tsawon mita 12, faɗin mita 6, ƙofa ɗaya a gaba, ya ce in zo in gani kafin ya nemi lasisi. Ya yi ƙoƙari: tebur na ƙarfen da ba ya tsatsa, tayil fari fat, har da bangon aluminiyam a tsakiya. Teburin fiɗa yana can ƙurya inda famfo yake, wurin rufe leda yana gaba kusa da ƙofa. Ya ce, "Yaya, ai na raba su, ga bango." Na ce, "Ɗanyar kazar ta ina take isa ƙuryar?" Sai ya yi shiru, don dole ta ratsa wurin gasasshe tana ɗiga. Sannan na ɗauki bokitin ruwa na zuba a ƙarƙashin teburin fiɗa. Ruwan ya bi ta ƙasan bangon, wanda ya bar tazarar yatsu uku daga daɓe, ya wuce ƙarƙashin teburin rufe leda, ya fita ta rariyar bakin ƙofa zuwa kwatar titi. Fankar fitar da hayaƙi ma a gaba aka sa ta, wato tana jawo iskar ɗakin ɗanye ta kan dafaffen nama. Ga shi kuma yana wanke ƙasa da tiyo mai ƙarfi, wanda ke tayar da feshin ruwan magudana har saman tebur.

Gyaran bai kai abin da ya ji tsoro ba, sai abu ɗaya. Mai shagon ya yarda aka fasa ƙofa a baya don ɗanyen kaya da shara. Aka mayar da fankar baya, iska ta koma tana tafiya daga gasasshe zuwa ɗanye. Aka ɗora bangon a kan ginin bulo mai tsayin gwiwa, aka lanƙwasa siminti a inda bango ya haɗu da daɓe don kada datti ya maƙale a kusurwa. Tiyo ya bar ɗakin gasasshe, aka koma buroshi da robar jan ruwa. Firij ya zama biyu, na gasasshe ƙasa da digiri 5, da littafin rubuta zafinsa safe da yamma, musamman saboda ɗauke wuta.

Abin da ya ci kuɗi shi ne daɓen. Sai da aka fasa tayil ɗin da bai yi wata biyu ba, aka sake zuba siminti da gangaren kusan santimita 2 a kowace mita, ya sauka zuwa baya, aka sa magudana mai murfi da kwandon tare datti da ake cirewa a wanke. Na ba shi shawarar ya riƙa shafa audugar gwaji a bakin magudanar ɗakin gasasshe da tayoyin keken tura kaya ana tsakiyar aiki, yana aikawa ɗakin gwaji. Wadda aka shafa bayan an gama wanki da sinadari kusan kullum lafiya take dawowa, kuma mai bincike zai tambayi ƙarfe nawa aka ɗauke ta.