Jinkirin Kai Kaya: Yadda Muka Gano Laifin Ba na Direbobi Ba Ne

Wata uku muka yi abokan ciniki suna ƙorafin cewa kayansu ba sa isa a kan lokaci, kuma duk taron da muka zauna, direbobi ake ɗora wa laifi, domin su ne ake gani a ƙarshen aiki. Ni ma haka na ɗauka, har na sa hannu a takardar gargaɗi ga biyu daga cikinsu, abin da nake nadama har yanzu.

Ra'ayina ya sauya ne lokacin da muka fara rubuta lokaci a matakai huɗu: shigowar oda, gama haɗa kaya, fitar mota daga sito, da isarta wurin mai kaya. Bayan mako 4 sai lissafi ya nuna cewa tafiyar kan hanya ba ta ƙaru ba. Motocin ne suke fita a makare da kusan minti 90, kuma galibi ranar Litinin da Alhamis.

Daga nan muka bi hanyar da kamfanin Toyota ya shahara da ita, wato maimaita tambayar "me ya sa" kamar sau 5. Motoci suna makara saboda lodi ba ya ƙarewa da wuri, lodi kuwa yana tsayawa saboda masu haɗa kaya suna neman abin da kwamfuta ta ce yana nan, alhali babu shi a kan kanta. Da muka tono dalili, sai muka tarar a waɗannan ranaku biyu ne sabbin kaya suke isowa da safe, kuma akawu yana shigar da su cikin lissafi tun suna bakin ƙofa, kafin a ƙirga su a jera. Ya saba yin haka ne bisa wata tsohuwar ƙa'ida da aka kafa don a hanzarta biyan masu kawo kaya, ba tare da an lura da cewa sashen karɓar oda yana dogara da wannan lissafin ba.

Sai dai wannan hanya tana da rauni: zare ɗaya take bi, kuma amsar ta danganta da wanda aka tambaya. Da manajoji kaɗai muka tambaya, da mun tsaya a "sakacin masu lodi". Saboda haka muka gwada abin da muka gano: idan shi ne tushen, dole ya bayyana a ranakun jinkiri, ya ɓace a sauran. Ya dace da yawancinsu, ban da wasu kaɗan da lalacewar mota ta jawo, waɗanda muka ware daban.

Mun mayar da karɓar kaya zuwa yamma, muka kuma hana a nuna kaya a matsayin na sayarwa sai an jera su. A wata na gaba motocin Litinin da Alhamis suka riƙa fita tare da na sauran ranaku, ni kuma na janye takardun gargaɗin nan biyu.