Bello biyar a aji guda

Yau na karanta gajeren labarin da wata ɗalibar kwalejin ilimi nan Sakkwato ta rubuta a aikin koyon dabarun koyarwa, kan sabon malami da safiyarsa ta farko a wata 'yar makarantar ƙauye wajen Wamakko. Wuri ɗaya ya tsaya mini. Ƙarfe 8 malam ya buɗe rajista ya ce "Bello", yara biyar suka miƙe. Wani ƙarami ya ce, "Malam, wane Bello kaka nufi?" Rajistar ta bara ce: suna 46, yara 31 bisa tabarma, 'yan aji ɗaya da na biyu a cakuɗe.

Sai ya ajiye darasin da ya kwana yana shiryawa. Ya sa kowane yaro ya faɗi sunansa da na mahaifinsa, ya rubuta sabon jeri da fensir, don gobe wasu za su ƙaru. Ya raba su gida biyu: manya ya ba su layi uku kacal a allo su kwafa, ƙanana kowa ya tsinto tsakuwa goma, suna ƙirga da Hausa. Da a ce ya cika allon da rubutu, kamar yadda sababbi kan yi, da cikin minti goma yaran baya sun fara kokawa, domin wanda bai san harafi ba ba ya da abin kallo a can. Har aka tashi tara bai koyar da komai daga manhaja ba. Ni dai ban ga ya yi asarar safiyar ba, tunda ya san Bellonsa biyar.