Hannun jari ɗari ɗaya, na sai da kol biyu a kanshi

Ƙannena masu koyon rubuta sikirif don ya riƙa aika muku oda wajen dillalin hannun jari, ku zo ku ji abin da ya same ni nan Yamai, don na ga da yawanku kuna bin hanyar da na bi. Ni ɗan Tawa ne, aiki ya kawo ni, kuma duk inda na ce dala cikin wanga rubutu dalar Amurka nike nufi, ba dalarmu ta sefa biyar ba, kar wani ya ce kuka nike kan kuɗin ƙosai.

Kol mai rufi dai ga yadda yake. Kana da hannun jari 100 na wani kamfani, sai ka sai da ma wani alkawali cewa daga yau zuwa rana kaza in ya so zai iya sayensu hannunka a farashi kaza, shi kuma ya ba ka ɗan kuɗi nan take. A kasuwar Amurka kontaragi guda na kol hannun jari 100 ne. In farashi ya haura aka zo karɓa, kayan na nan, ka miƙa, riba ce kawai ta sama ta wuce ka. Amma in ka sai da alkawalin ba ka da kayan, shi ne kol tsirara, kamar ka karɓi kuɗin buhun albasa ɗari alhali rumbunka wayam, ranar da mai kaya ya zo dole ka shiga kasuwa ka saya ko nawa ta kai.

Ni ina da guda 100, farashi na wajen dala 50. Na nufi in sai da kol ɗaya a 52, wata guda, a ba ni 0.80 kan kowane hannu, dala 80 kenan. Sikirif ɗin da Python na rubuta shi, da `ib_insync`, shina magana da TWS, manhajar dillalin nawa Interactive Brokers, a kan ordinatar tawa. Kuma wallahi na sa matakan tsaro, har alfahari nike da su. Na farkonsu shi ne ya duba ko hannun jarina ya kai 100, in bai kai ba ya tsaya.

Ran nan da zafi, kasuwar New York ta buɗe ƙarfe 2 da rabi na rana agogonmu (lokacin sanyinsu 3 da rabi take buɗewa), na bari an yi la'asar, na dawo na kunna. Ina danna shi wuta ta ɗauke, akwatin wifi ya mutu, sikirif ya tsaya shiru ba amsa, ni kuma na katse shi. Na haɗa da rezon salula na sake kunnawa, ya duba, ya ga 100, ya ce komi lafiya, ya aika, oda ta shiga. Na rufe ordinatar na tahi shan shayi wajen fada hankalina kwance.

Abin da ban gane ba shi ne odar farko ta riga ta isa wajen dillali kafin rezo ya yanke, amsar ce kawai ba ta dawo min ba. Oda in ta isa can zaune take, ba ruwanta da ko ordinatarka na raye. Sannan sai da kol ba ya rage hannun jarinka ko ɗaya, 100 ɗin na nan, don haka matakin nan nawa ko sau goma ka kunna sau goma zai ce bismilla. Asusuna kuma irin na bashi ne mai izinin kol tsirara, izinin da ni da kaina na nema ban san amfaninshi ba, shi ya sa ba a mayar da ta biyun ba.

Sai bayan kwana tara na buɗe na ga `-2` a gaban kol ɗin inda ya kamata in ga `-1`. Lokacin kamfanin ya hidda rahoton ribarshi, farashi ya kai 57. Kol na farko ba damuwa, kayana sun rufe shi. Na biyun sai da na saye shi a 5.30, dala 530 kenan, ka cire 80 da aka ba ni, hasara 450, sama da jika ɗari biyu. Wani yayana da muke aiki tare na nuna mishi, ya dubi layukan ya ce "ƙanena, ka ƙirga awaki amma ba ka ƙirga waɗanda ka riga ka karɓi kuɗinsu ba".

Ga yadda na gyara. Abin tambaya shi ne nawa ya rage wanda ba a yi alkawalinshi ba:

```python
saura = hannu // 100 - sayarru - masu_jira
if saura < 1:
    raise SystemExit('babu rufi')
```

`sayarru` shi ne yawan duk kol na wannan kamfani da ke asusunka da alamar ragi, amma ka cire alamar wajen ƙirga, `-2` ya zama 2, ko wace rana ko wane farashi, kar ka duba irin wanda za ka sai da kawai. `masu_jira` kuma shi ne yawan kontaragin da ke cikin odojin `SELL` na kol da sunka tahi ba su cika ba tukuna. Nan akwai wani rami, `ib.openTrades()` na iya ɓoye maka odar da ka sa da hannu ko wadda wani `clientId` ya aika, shi ya sa nike kiran `ib.reqAllOpenOrders()` tukuna. Kuma in sikirif ya nemi waɗannan bayanai bai samu amsa ba, tsayawa zai yi, kar ya ɗauki shiru a matsayin sifili, don ranar tawa shirun ne ya cuce ni.

Bayan haka kowace oda ina sa mata suna cikin `orderRef`, sunan kamfani da kwanan wata, in ya ga wannan suna yau cikin odoji ko cikin waɗanda sunka cika, ba ya ƙara aikawa ko na roƙe shi.

Kafin aikawa kuma akwai `ib.whatIfOrder()`, wanda ke tambayar dillali in na sa wagga oda mi za ta canza, ba tare da ta shiga kasuwa ba. Ka dubi `initMarginChange`. In kol na da rufi jinginar da ake nema ba ta wani motsi sosai, in ka ga ta yi tsalle to can wajensu tsirara suke ganinshi, ko mi lissafinka ya ce. Da na sa wannan tun farko da ya kama ta biyun, in dai ta farko ta riga ta cika.

Farashi ma ban bari kasuwa ta yanke min, `LimitOrder('SELL', 1, 0.80)` nike sawa, kuma in `bid`, wato tayin masu saye, ya zo `nan` ko `-1`, alamar babu farashi kenan, sikirif ya fita.

Gwaji kuwa a asusun wasa, TWS ƙofa 7497, ta gaske 7496, lamba ɗaya ce tsakaninsu don haka ina sa shi ya tabbatar sunan asusun ya fara da `DU` in gwaji nike. Can na zauna sati biyu ina yi mishi mugunta da gangan, in kunna shi in zare wifi a tsakiya, in maida, in sake kunnawa. Karo na ukku ma ya aika biyu, ashe ina ƙirga odoji kafin jerin ya gama isowa, sai da na sake gyara wurin.