Yadda na kulle watan da ya wuce a littafin shagonmu

Kawuna yana da shagon kayan gini a cikin garin Gombe, siminti da kwano da rodi, ni kuma nake kula masa da ofis. Lissafinmu a QuickBooks yake, irin wanda ake girkawa a kwamfuta. Wata baiwar Allah ce ke shigar mana da rasit da invois kullum, kuma tun farko ina so a sani cewa ban taɓa kama ta da cin ko kwabo ba. Abin da ya faru, ya faru ne saboda yadda ni na bar manhajar a buɗe.

A farkon Afrilun bara na buga wa Kawu rahoton cinikin Maris, ya nuna Naira 18,640,000. Da wannan adadin akantanmu ya cike takardar harajin VAT, wadda ake miƙawa zuwa ranar 21 ga watan da ke biye. Can cikin Mayu Kawu ya ce in haɗa masa wata uku a takarda ɗaya zai kai banki. Da na buga, sai na ga Maris ya koma Naira 18,355,000. Watan da ya riga ya wuce ya rame da Naira 285,000. Kawu ya ɗora takardun biyu a kan tebur, ya ce, "To ɗana, wanne zan gaskata?" Ban da amsa a ranar.

Na shiga `Reports`, sannan `Accountant & Taxes`, na buɗe `Audit Trail`. Wannan rahoto yana ajiye kowane shigarwa da kowane gyara, yadda abu yake a da da yadda ya koma. Nan na ga invois ɗin wani ɗan kwangila na ranar 27 ga Maris, buhun siminti 200 a kan Naira 9,500 kowanne. Ranar 9 ga Afrilu an buɗe shi an mayar da 200 zuwa 170. Buhu 30 sau 9,500, shi ne 285,000 cif. Amma a wajen sunan wanda ya yi gyaran, `Admin` na gani. Kowane layi na rahoton `Admin` ne, domin ni da ita da yaron sito duk da wannan sunan muke shiga, kalmar sirrin ma tana rubuce a bangon aljihun tebur.

Da na tambaye ta, ba ta ɓoye komai ba. Ta ce, "Yallaɓai, ai ya dawo da buhu talatin da suka rage masa, sai na gyara masa takardarsa don bashinsa ya fito daidai." Kuma bashin nasa ya fito daidai ɗin. Matsalar ita ce an sayar da kayan a Maris, an dawo da su a Afrilu, gyaran kuwa ya sa littafi yana cewa ba a taɓa sayar da su ba. VAT ɗin kashi 7.5 na wannan kuɗi, Naira 21,375, mun riga mun bayyana shi ga hukumar haraji, ga shi littafinmu ya daina nuna shi a Maris. Ƙidayar sito ta ƙarshen Maris ita ma ta tashi daga daidai, don littafi yanzu yana nuna ƙarin buhu 30 a ranar da muka ƙirga da hannunmu ba su nan. Abin da ya kamata shi ne a bar invois ɗin yadda yake, a rubuta `Credit Memo` mai kwanan 9 ga Afrilu na buhu 30. Bashin mutumin zai ragu, kaya za su koma sito a ranar da suka koma, Maris kuma ba zai motsa ba. Haka muka yi daga baya, bayan mun mayar da invois ɗin 200.

A cikin binciken ne na ci karo da na biyu. Wani mai saye ya turo Naira 150,000 sau biyu a rana ɗaya, da safe da yamma. An ɗauka kuskure ne aka shigar sau biyu, aka goge ɗaya, alhali mun riga mun daidaita watan da takardar banki. Alamar irin wannan ba ta ɓuya: idan ka zo daidaita sabon wata, sai ka ga `Beginning Balance` bai yi daidai da inda ka rufe watan baya ba. Namu ya gaza da 150,000. Rahoton `Voided/Deleted Transactions Detail` ne ya nuna mini abin da aka goge.

Gyaran da na yi ya ɗauke ni yamma ɗaya. Na fara da canja kalmar sirrin `Admin`, na bar ta tsakanina da Kawu. Sannan na shiga `Company`, `Set Up Users and Passwords`, `Set Up Users`, na buɗe wa kowa sunansa. A nata na zaɓi `Selected areas of QuickBooks`, manhajar ta riƙa tambayata sashe bayan sashe. Na ba ta ciniki da basussukan da muke bi, na ba ta sayayya da basussukan da ake bin mu, da shigar da kuɗin banki. A `Sensitive Accounting Activities`, inda ake yin shigarwar jonal kai tsaye tsakanin asusu da asusu, na sa `No Access`.

Shafin da ya fi komai muhimmanci yana kusa da ƙarshe, sunansa `Changing or Deleting Transactions`. Tambaya biyu ce a cikinsa. Ta farko, ko wannan mutum zai iya gyara ko goge abin da aka shigar a sassan da aka ba shi. Ta biyu, ko zai iya yin haka ga abin da ke kafin ranar rufe littafi. Na amsa `No` a duka biyun. A lura, gyara da gogewa a haɗe suke a tambaya ɗaya, ba za ka ba da ɗaya ka hana ɗaya ba a irin manhajar da ke hannunmu. Sai dai akwai sauƙi: abin da mutum ya shigar a zaman da yake ciki, yana iya gyara shi kafin ya fita. Idan ta rubuta 59,000 maimakon 95,000 ta lura nan take, tana gyarawa. Idan sai washegari ta gani, sai ta zo wajena.

Ita tambaya ta biyun ba ta da amfani sai ka sa ranar rufewar kanta. Wannan yana `Edit`, `Preferences`, `Accounting`, `Company Preferences`, sai maɓallin `Set Date/Password`. Na sa 30 ga Afrilu, na ba shi kalmar sirri daban da ta `Admin`. Idan ka sa rana ba ka sa kalma ba, wanda ke da izini gargaɗi kawai zai gani, ya danna ya wuce. Kalmar kuwa har ni tana tare ni, kuma na ga amfanin haka, domin ba sau ɗaya ba na zo shigar da abu da kwanan watan da ya wuce bisa kuskure, tambayar kalmar ce ta tsayar da ni.

Sati biyun farko sun yi wuya, kuma a nan ne na fi koyon abu. Kullum sai ta zo sau uku ko huɗu da gyara, ni kuma rabin yinina ina banki ko wajen lodi. Wata rana na dawo na tarar da ita zaune, mai saye yana tsaye yana jiran a gyara masa takarda. Ta ce, "Yallaɓai, ko dai ka ba ni kalmar `Admin` ɗin nan, in ka dawo ka canja?" Na kusa ba ta. Da na ba ta, da mun koma gidan jiya cikin wata ɗaya, don kalmar da aka bayar sau ɗaya saboda uzuri, gobe ma akwai uzuri. Nan na gane cewa na rufe mata hanya ban buɗe mata wata ba, laifin tsarina ne.

Sai muka zauna muka raba kurakuran gida biyu. Mafi yawansu ba sa bukatar taɓa tsohon abu ko kaɗan. Kaya sun dawo, `Credit Memo` da kwanan yau. An manta an ƙara wa mutum wani kaya, sabon invois da kwanan yau. Duk waɗannan tana da izinin yin su, tana rubuta lambar tsohon invois ɗin a gurbin `Memo` don a ga alaƙar. Sauran, kamar kuɗin da aka ɗora a sunan wani mai saye daban, ko abin da aka shigar sau biyu da gaske, muka saya musu littafi mai bango. Tana rubuta kwanan wata, lambar takarda, abin da ke ciki, abin da ya kamata ya zama, da dalili. Bayan sallar La'asar nake zama in bi su ɗaya bayan ɗaya, in sa hannu. Wanda za a soke, `Void` nake yi masa maimakon `Delete`, domin lambar takardar tana nan a jere, kuɗin ne ke komawa sifili. Amma a kula, sokewa tana aiki ne a kan kwanan asali na takardar, saboda haka idan watan a rufe yake, ita ma za ta canja shi. A watan da aka rufe ba na sokewa, warwarewa nake yi a watan da muke ciki.

Haka ma takardar dilan da ta makara. Wani lokaci direba zai riƙe invois ɗin kwano na 29 ga wata a cikin motarsa sai bayan mun rufe. Idan ƙarami ne, muna shigar da shi a watan da ke buɗe, mu rubuta kwanansa na gaskiya a `Memo`. Idan babba ne da zai canja ribar watan, akanta ne ke yanke hukunci, kuma idan ya ce a buɗe, ni nake sa kalmar yana zaune.

Ranar rufewar ba ta matsawa da kanta. A Yuli aiki ya yi mini yawa ban matsar da ita ba, Yuni ya zauna a buɗe har kusan ƙarshen wata. Ba abin da ya ɓaci saboda an riga an hana gyara, amma da wani ya shigar da sabon abu da kwanan Yuni, da ya shige ba tambaya. Yanzu na ɗaure ta da takardar VAT: ranar da akanta ya miƙa, ranar nake matsar da kwanan zuwa ƙarshen watan da ya wuce, in buga `Trial Balance`, wato jerin abin da ke cikin kowane asusu, in sa a fayil, in buɗe `Closing Date Exception Report` in ga ko an taɓa wani abu a bayan kulle. Idan ba mu buɗe komai ba, fayau yake fitowa.

Wannan tsari ba ya ganin buhun da ya fita daga sito ba a rubuta ba, don haka ƙidayar ƙarshen wata tana nan yadda take. Ita kuwa malamar, da aka samu saɓanin Naira 40,000 a Satumba, ita ce ta fara cewa a buɗe `Audit Trail`. Sunana ne ya fito a kan layin: ni na ɗora kuɗin wani mai saye a asusun ɗan'uwansa. Na rubuta shi a littafin gyara kamar kowa, Kawu ya sa hannu.