Minti ashirin da ban kalla ba

Oga ta turo mini faifan horon da aka yi ta Zoom a kan shigar da sabon kwastoma cikin manhajar ofishinmu, ta ce in matse shi ya koma shafi ɗaya, domin sabbin ma'aikata huɗu za su kama aiki ranar Litinin. Tsawon faifan minti 85 ne. Na ce mata an gama.

Na sauke rubutun maganganun, wato fayil ɗin .vtt mai nuna mintin da aka faɗi kowace magana, na buɗe shi a gefen bidiyon. Duk inda mai horarwa ya ce a yi wani abu sai in rubuta shi da mintinsa. Rubutun shi kaɗai ba ya isa, don rabin maganar mutumin "ku danna nan, sai ku zo nan" ce, kuma sai ka kalli allonsa za ka san ina ne nan ɗin. Na tara layi 31, na tace suka koma 12, kowane layi aiki ɗaya da alamar da za ta nuna an gama shi. Wannan ɓangaren bai ba ni wahala ba.

A minti na 65 ya ce, "To, mun kammala, ko akwai mai tambaya?" Nan na rufe bidiyon. A tunanina abin da ya rage godiya ce da "ba ma jin ka sosai".

Mataki na biyu a takardata ya ce: nemi sunan kwastoma, idan bai fito ba, buɗe masa sabon fayil. Haka ya faɗa a minti na 22, ban ƙara ba ban rage ba. Ashe a minti na 74 wata tsohuwar ma'aikaciya ta tambaye shi yadda za a yi da mutumin da aka rubuta sunansa iri biyu, sai ya ce, "Af, na yi kuskure ɗazu. Da lambar waya za ku fara nema, suna sai daga baya." Jimla ɗaya tak, ya wuce.

Yaran nan kuwa suka bi takardata sau da ƙafa, tun da abin da aka ce su yi ke nan. Sai bayan kwana tara mai kula da lissafi ta zo teburina da takardu biyu a hannu, mutum ɗaya, lambar waya ɗaya, fayil biyu, bashinsa a wannan, biyansa a wancan. Ta ce, "Malam, wa ya koya musu haka?" Sunana na nan ɓaro-ɓaro a ƙasan takardar. Da muka bincika muka samu mutum 37 masu fayil bibbiyu, kuma kwana biyu muka yi muna haɗe su da hannu.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne an ma rubuta gyaran a sashen hira na taron, wanda ke zuwa a fayil na daban. Yana cikin saƙon da Oga ta turo mini, ban buɗe shi ba.

Yanzu idan aka ba ni irin wannan aiki, daga tambayoyi nake farawa, sannan in koma farko. Bayanin farko mai horarwa ya shirya shi tun daga gida, amma a wurin tambayoyi ne waɗanda suka daɗe a aikin suke jawo shi zuwa inda abin yake cijewa. Ina kuma binciken rubutun da kalmomi irin su "kuskure", "sai dai" da "na manta", don galibi a nan gyara yake ɓuya. Ko da na yi haka ina kallon faifan har ƙarshe, domin rubutun na'ura yana cin kalmomi.

Da na gyara takardar, na tura wa mai horarwar da tambaya ɗaya: akwai layin da ba haka ake yi ba yau? Cikin minti goma ya amsa, har ya ƙara cire wani mataki da aka daina tun bayan naɗar faifan. Minti goma, bayan ni na ɓata kwana biyu! Daga nan na zaunar da ɗaya daga cikin sabbin, na ba ta takardar, na kama bakina ina kallon hannunta. A layi na bakwai ta tsaya cak, saboda na rubuta "adana" alhali maɓallin da ke allo Submit ne, ga kuma wani Save a kusa da shi wanda ba ya aika komai. Na mayar da layin yadda yake a allo.

Takardar yanzu layi 11 ce, da ranar da aka naɗi faifan a ƙasa, da minti a gefen kowane layi. Na biyu an rubuta 74 a gefensa, kuma har yau idan idona ya kai wurin sai na ja tsaki.